Daƙiƙa uku na farko: yadda gajeren bidiyo zai isar da saƙo ga manoman citta na kudancin Kaduna

A daminar 2023 wata cuta ta afka wa gonakin citta a Kachia, Jaba, Kagarko da maƙwabtansu, ganye ya yi rawaya, saiwa ta ruɓe a ƙasa, manoma da dama suka rasa amfanin shekara har da irin shuka. Tun daga lokacin, kai bayani ga manomi kafin shukar watan Afrilu da Mayu ya zama nauyi a kan jami'an yaɗa labarai na ma'aikatu da hadiman 'yan majalisar yankin. Da yawansu sun koma ga gajeren bidiyo a Facebook, TikTok da YouTube. Sai dai abin da aka fi kai wa maigida a rahoto shi ne yawan kallo, alhali wannan lamba ce mafi ƙarancin faɗin gaskiya.

Dalili kuwa shi ne yadda ake ƙirga ta. Tun daga 31 ga Maris 2025, YouTube yana lissafa kallo a Shorts da zarar bidiyo ya fara tafiya, ko da mutum ya ture shi nan take. Facebook kuma ya daɗe da ma'aunin da ke ƙirga wanda ya tsaya daƙiƙa uku kacal. Saboda haka "kallo dubu goma" na iya nufin mutum dubu goma da ba su ji ko jimla ɗaya ba. Abin da ke nuna ko saƙo ya shiga shi ne jadawalin riƙe masu kallo, wato layin da ke nuna kashi nawa ne suka rage a kowace daƙiƙa. A YouTube Studio yana ƙarƙashin "Audience retention", a TikTok kuma akwai "Average watch time" da "Watched full video".

Masu wannan sana'a suna kiran buɗewar bidiyo ƙugiya, domin ita ce ke kama mai wucewa. A nan ne tarbiyyarmu da al'adar ofis suke yi wa sabon shiga tarnaƙi. Mun saba fara magana da sallama da gaisuwa, sannan a jero masu girma ɗaya bayan ɗaya, ga tambarin ma'aikata yana juyawa a allo. A zauren taro wannan ladabi ne, domin babu mai tashi. A waya kuwa babban yatsa yana kan gilashi, kuma bidiyo na gaba yana jiran turi ɗaya.

A ɗauka wani hadimi ya je kasuwar Kafanchan ya ɗauki bidiyo na daƙiƙa 60 kan zaɓen irin citta. Ya buɗe da tambari da gaisuwa na daƙiƙa takwas, malamin gona ya fara bayani, a daƙiƙa ta 20 aka sako jawabin maigida, sai a daƙiƙa ta 45 aka nuna ruɓaɓɓiyar saiwa. A ce mutum 1,000 suka fara kallo, jadawalin ya nuna 450 a daƙiƙa ta uku, 380 a ta 20, 200 a ta 25, sannan 150 a ƙarshe.

Waɗannan lambobi na misali suna nuna matsala biyu dabam. Faɗuwar farko, daga 1,000 zuwa 450, laifin buɗewa ne: fiye da rabi sun tafi kafin su san zancen citta ake yi. Daga daƙiƙa ta uku zuwa ta 20 mutum 70 kawai suka fita, wanda ke nuna bayanin malamin gona yana riƙe jama'a. Faɗuwa ta biyu, mutum 180 cikin daƙiƙa biyar, ta zo daidai inda jawabin ya shigo. Abin takaicin shi ne, hoton da aka yi bidiyon dominsa bai kai ga mutum 200 ba.

Gyaran ba ya buƙatar komawa Kafanchan, sake jeri ne kawai. A fara da hannu yana fasa saiwa biyu, ɗaya mai tauri da tsabta, ɗaya mai laushi da ruwa-ruwa, murya tana cewa: "Idan irinka ya yi haka, kada ka shuka." A rubuta jimlar a allo, domin akwai masu kallo ba tare da sauti ba. Sai alamomin da za a duba, sai abin da manomi zai yi: ya ware irin da ya taɓu, ya guji maimaita gonar da ta kamu, ya nemi malamin gona na ƙaramar hukumarsa. Sunan maigida da tambari su zo a ƙarshe. Idan har dole ne a ji muryarsa, a ba shi jimla ɗaya daga cikin shawarwarin ya faɗa da bakinsa. Ƙugiya kuma alkawari ce, wajibi ne a cika ta. Wanda ya buɗe da "An samu maganin cutar citta" alhali ba haka ba ne, zai ga layin ya tsaya a farko sannan ya rufta, kuma ya zubar da mutuncin ofishinsa.

Batun tsawo shi ma jadawalin ne ke yanke shi. Tun Oktoban 2024 YouTube ya yarda Shorts ya kai minti uku, amma wannan iyaka ce kawai. Ga lissafin: bidiyon daƙiƙa 60 da matsakaicin kallonsa ya tsaya a daƙiƙa 18 ya samu kashi 30 cikin ɗari. Idan aka taƙaita shi zuwa daƙiƙa 30 aka samu matsakaicin daƙiƙa 21, ya zama kashi 70, kuma mutane sun daɗe fiye da dā. To amma kada kason ya ruɗi mutum. Bidiyon daƙiƙa goma mai kashi 90 daƙiƙa tara kawai ya samu, ba za su ɗauki bayanin zaɓen iri ba. Hanya mafi sauƙi ita ce saƙo ɗaya ga bidiyo ɗaya: a rubuta shi, a karanta da ƙarfi ana duba agogo, a cire duk jimlar da manomi ba zai yi aiki da ita ba. Zancen magudanar ruwa a gona ya jira nasa bidiyon.

Lambobin suna da iyakarsu. Jadawalin da ya fito daga mutum talatin, rabinsu abokan aiki a sakatariya, ba hujja ba ne. A jira a tara ɗaruruwa. A kuma duba inda masu kallon suke, domin bidiyon da ya riƙe mazauna Abuja bai tabbatar da ya isa Kwoi ko Zonkwa ba. A yankin da Bajju, Atyap, Ham da sauran ƙabilu suke haɗuwa a Hausa wajen ciniki, fassara saƙon daga Turanci zuwa Hausar kasuwa na iya sauya masu kallon gaba ɗaya. Sannan duk bidiyon da aka sauke aka riƙa turawa a zaurukan WhatsApp, ba zai bayyana a jadawalin ba.

Wanda zai gwada gyara, ya sauya abu ɗaya a lokaci guda, buɗewa ko tsawo, in ba haka ba ba zai san wanne ya yi aiki ba. A rahoton da zai kai wa maigida kuwa, lambobi uku sun wadatar: nawa suka wuce daƙiƙa ta uku, nawa suka kai daƙiƙar da aka nuna ruɓaɓɓiyar saiwa, kuma daga ina suke kallo.