Ƙyallin Dutse a Hoto: Zinariya Ce ko Kama Ce?

A yankunan da ake haƙar zinariya, kamar Anka da Maru a Zamfara, sau da yawa ciniki kan fara ne da hoton waya. A turo wa mai saye farin dutse mai ɗigon rawaya, a ce ya sa kuɗi. Hoton kuwa yana faɗin abubuwa da dama, in mutum ya san inda zai kai ido.

Abin dubawa na farko shi ne, abu guda ne ko gauraye? Ma'adini jikinsa iri ɗaya ne. Dutsen gama-gari kuwa, irin na Kufena a Zariya, taron ƙwayoyi ne: fari, ruwan toka, ja-ja da baƙi, duk a cakuɗe. Ƴan ɓarɓashin da ke walƙiya a cikinsa maika ne, mai ɓarewa falle-falle, kuma ba ya da alaƙa da zinariya.

Wanda ya fi cin kuɗin mutane shi ne fairait, haɗin ƙarfe da farar wuta. A buɗe hoton sosai a dubi siffarsa. Fairait yakan fito da kusurwoyi masu kaifi, sau da yawa kamar ƙaramin akwati, fuskokinsa a shafe, da siraran layuka a jere. Launinsa rawaya ne mai haske irin na farin tagulla. Zinariya ba kasafai take yin kusurwa ba. Takan kwanta a tsagar farin dutsen kamar an narka ta an zuba, ko ta fito zare-zare, rawayarta kuma mai zurfi ce. Ƙyallinsu ma ya bambanta. Fairait na walƙiya ne idan haske ya daki fuskarsa, a juya shi ya dushe. Zinariya ko a inuwa tana nan da launinta. Don haka ni ban yarda da hoto ɗaya da aka ɗauka da fitilar waya ba, balle dutsen da aka jiƙa, domin ruwa na sa kowane tsakuwa sheƙi. A nemi hoto a rana, wani a inuwa, dutsen a bushe, da ashana a gefe don a gane girmansa.

Ratsi-ratsi ma shaida ne. In ratsin fari da baƙi ne masu kauri, ana ganin ƙwayoyi a cikinsu, dutse ne da zafi da matsi suka sauya a ƙarƙashin ƙasa. Ratsin agat, wanda ake yin kayan ado da shi, siriri ne, yana zagaye kamar zobba, jikinsa sumul.

Sai dai hoto ba ya nuna nauyi ko tauri. Zinariya ta ninka fairait nauyi kusan sau 4, wuƙa tana karce ta, guduma kuma na baje ta. Fairait farfashewa yake yi, kuma in aka goga shi a bayan tayil ɗin daɓe, baƙin layi mai ɗan kore yake bari. Wannan gwaji sai dutsen ya zo hannu, kuma kafin nan bai kamata kuɗi su fita ba.