Wa Ake Fara Gaisarwa a Bikin Yaye Ɗalibai?

Da zarar jerin gwanon malamai ya shigo dandali, an rera taken ƙasa, an yi addu'a, sai ido ya koma kan mai gabatarwa. Minti 3 zuwa 5 gare shi ya yi wa kowa maraba, kuma a nan ake gane gwani.

A jami'o'in tarayya, irin su Jami'ar Ahmadu Bello Zariya da Jami'ar Bayero Kano, gaisuwa tana da tsari. Ana farawa da Shugaban Ƙasa ko wakilinsa, sai Uban Jami'a, wanda galibi basarake ne, sai shugaban majalisar gudanarwa, sai shugaban jami'a da mataimakansa, sannan magatakarda da ma'aji da shugaban ɗakin karatu. Gwamnoni da sarakunan da aka gayyato kuwa, ana bin jerin da ofishin magatakarda ya bayar. Kowa da laƙabinsa: Mai Alfarma na Sarkin Musulmi ne, Mai Martaba na sarakuna, Mai Girma na gwamna. Wanda ya musanya su zai ga 'yan rakiya sun fara kallon juna. Idan wakili aka turo, a ambaci mai kujerar tukuna, sannan wakilin. Babban baƙon da ya makara, ba a katse mai jawabi dominsa. Ana jira a kammala, sai a sanar da isowarsa.

Bayan manya sai malamai, a gaishe su a dunƙule: shehunan malamai, shugabannin tsangayoyi da sauran ma'aikata. Daga nan gwani yake sassauta murya, ya juya wajen rumfar iyaye. Yawancin taron da Turanci ake yi, alhali ga tsohuwar da ta baro ƙauye tun asuba, riƙe da kwanon dambu. Sai ya yi mata Hausa: "Iyayenmu maza da mata, sannunku da hanya, sannunku da ɗawainiya. Wanda ya sayar da amfanin gona, da wadda ta kwashi adashi don biyan kuɗin makaranta, yau ranarku ce. Allah Ya saka da alheri." Nan take za ka ji guɗa ta tashi.

Ɗalibai su ne ƙarshe, ba don an raina su ba, sai don da su ake rufe gaisuwa da tafi. Amma a kula da lafazi: kafin Uban Jami'a ya furta cewa ya ba su digiri, "masu shirin karɓar digiri" ake ce musu. Taya murna a hukumance tana zuwa bayan wannan furucin.

Saboda haka duk wanda aka damƙa wa lasifika, ya karɓi jerin sunaye tun jajibiri, ya tambayi yadda ake furta kowanne, ya taƙaita kirarin manya, ya ware wa iyaye minti guda cikakke da harshen da suke ji.