Lissafin da ke Bayan Biskit ɗin Cookie Clicker

A shekarar 2013 wani Bafaranshe mai suna Julien Thiennot ya fitar da Cookie Clicker, wasan da ke ci gaba da tara wa mutum biskit ko da ya naɗe hannu. Da biskit ɗin ake sayen masu toya wani biskit, kuma duk daɗin wasan ya rataya a kan lamba guda: 1.15.

Kaka ta farko kuɗinta biskit 100, tana toya guda ɗaya a daƙiƙa. Kowace aka saya, farashin ta gaba sai ya ƙaru da kashi 15 cikin ɗari, wato `100 × 1.15^n`, inda n ke nufin kakannin da ake da su. Ke nan duk saye biyar farashi ya ninka, alhali abin da ke shigowa ɗaya-ɗaya yake ƙaruwa.

Idan an raba farashi da abin da ke shigowa a daƙiƙa, za a ga tsawon jira. Mai kaka ɗaya zai jira daƙiƙa 115, mai bakwai kuwa 38 kacal, shi ya sa farkon wasan ke da zaƙi. Daga nan hanya ta fara tudu. Mai kaka 50 zai tarar ta gaba ta haura biskit 108,000, jiran minti 36. Mai kaka 100, in da kakanni kaɗai ya dogara, sai ya kusa mako biyu. Wannan jiran ne ma'auni: in ya yi ta ninkawa babu abin da ke sassauta shi, wasan ya cije, mutane su watse.

Maganin farko shi ne a buɗe wata ƙofa kafin wannan ta toshe. Gona kuɗinta 1,100, tana ba da takwas a daƙiƙa, kusan biskit 138 ke nan kan kowane ɗaya. Kaka ta huɗu kuwa 152 ce, don haka tun a nan gona ta fi riba, sai dai a daure a tara kuɗinta. Akwai kuma kayan ƙari da ke ninka aikin kakanni duka, su rage jiran da rabi, kamar an mayar da farashi baya da saye biyar.

Clicker Heroes ya zaɓi 1.07, inda farashi ke ninkawa duk saye goma, hawan ya fi sauƙi.

Dabarar da ta fi burgewa ita ce komawa farko. Mai wasa ya watsar da abin da ya gina, a ba shi matakan daraja, kowanne na ƙara kashi ɗaya cikin ɗari a saurin toyawa. Ita ma an sa mata linzami: mataki na farko biskit tiriliyan ɗaya ne, na biyu sai jimilla ta kai tiriliyan 8, na uku 27. Mai son ninka darajarsa sai ya toya ninki takwas na duk abin da ya taɓa toyawa.