Ƙofofi Uku da Haraji Ke Tare Kuɗin Fansho

Ma'aikacin da ya duba takardar albashinsa a ƙarshen wata zai ga an zare kuɗin fansho, ya kuma ga an zare haraji. Abin da yawanci ba ya lura da shi shi ne wanne aka fara cirewa, alhali a nan ribarsa take.

Kuɗin fansho ƙofofi uku yake bi a rayuwarsa: ranar da aka zuba shi, shekarun da yake juyawa yana haihuwar riba, sai ranar da mai shi ya karɓa. Kowace gwamnati takan zaɓi ƙofar da za ta ajiye mai karɓar haraji. Nijeriya, a dokar gyaran fansho ta 2014, ta bar ukun a buɗe.

A ɗauki ma'aikaci mai albashin naira 300,000 a wata, a ƙaddara dukkansa ana lissafa masa fansho a kai. Doka ta ce shi ya zuba aƙalla kashi 8 cikin ɗari, wato naira 24,000, mai gidansa ya ɗora kashi 10, wato 30,000. Duk wata naira 54,000 ke shiga asusunsa na ritaya. Kason da ya fito daga aljihunsa, naira 288,000 a shekara, ana fitar da shi tun kafin a auna haraji. A sabon tsarin harajin da ya fara aiki a Janairun 2026, abin da ya haura miliyan 3 a shekara kashi 18 ake yanka masa har zuwa miliyan 12. Ke nan, idan aka ajiye sauran rangwame gefe, wannan bawan Allah ya tsira da naira 51,840 a shekara. Ribar da kamfanin kula da fanshonsa ya samo ba a taɓa ta. Ranar ritaya kuma, da dunƙulen kuɗin da za a fara ba shi da abin da zai riƙa karɓa wata-wata, duk babu haraji.

Amma akwai rami guda, kuma masu ƙoƙarin tattali ne ke faɗawa. Wanda ya ƙara zubi na ganin dama a kan na wajibi, idan ya janye kafin shekara biyar, ribar da kuɗin ya haifa sai an cire mata haraji. Ya zuba 500,000, bayan shekara uku ta zama 600,000, bikin 'ya ya taso ya je ya cire: wannan 100,000 ɗin ta shiga hannun mai haraji. Shekarun biyar kuwa daga ranar da aka yi kowane zubi ake ƙirga su, ba daga ranar buɗe asusu ba. Haka nan kariyar tana ƙarewa a bakin asusun. Dattijon da ya sayi shago da dunƙulensa, kuɗin hayar da zai karɓa kuɗin shiga ne kamar na kowa.

A Birtaniya mai haraji a ƙofa ta uku yake zaune. Ana sassauta wa mutum lokacin zubi, amma idan ya zo ɗiba kashi 25 ne kawai ke fita lafiya, sauran ana ɗaukarsa tamkar albashi. Mai fam 100,000 a Ingila zai karɓi 25,000 babu haraji. Idan ya yi gaggawar kwashe ragowar 75,000 a shekara guda, ko ba shi da wani kuɗin shiga, zai biya fam 17,432, domin wani sashe ya hau matakin kashi 40. Da ya riƙa ɗiba kaɗan-kaɗan, da ya ci moriyar fam 12,570 da ake yafewa kowace shekara. 'Yan Nijeriyar da suka yi aiki a can ya kamata su san wannan kafin su shirya dawowa gida da kuɗinsu a dunƙule.

Ostareliya ta juya lissafin: tana yankar kashi 15 tun wajen zubi, tana taɓa ribar, sannan yawanci ta ƙyale wanda ya kai shekara 60 ya ɗiba babu haraji.

Bambancin ya samo asali ne daga damuwar kowace ƙasa. Birtaniya ta amince za ta iya bin sawun kuɗin mutum shekara arba'in, don haka ba ta jin tsoron jira. Ostareliya ta gwammace ta karɓi nata da wuri. Nijeriya kuwa ta shigo tsarin zubi ne a 2004 da tabon tsohon tsari, lokacin da bashin fansho ya taru, tsofaffi suka riƙa yini a layin tantancewa. Wanda ya ga mahaifinsa a wannan layi ba zai saki kashi 8 na albashinsa da daɗin rai ba sai an tabbatar masa ba za a sake gutsura ba. Yafewar ta dace, sai dai mai albashin da ya kai a yanka masa haraji shi ya fi morar ta. Wanda abin da yake samu a shekara bai wuce naira 800,000 ba dama ba ya biyan komai, don haka rangwamen ƙofar farko bai ƙara masa ko sisi ba.