Hagu da Dama: Yadda Ake Gano Kuskure a Lissafin Sinadarai

Duk ɗalibin da ya zauna ajin kimiyyar sinadarai ya san wannan layi mai kibiya a tsakiya. A hagun kibiyar ana rubuta abubuwan da aka haɗa, a damanta kuma abubuwan da suka fito. Malami kan ce a daidaita shi, ɗalibi ya yi ta sa lambobi har sai ya ga kamar abin ya zauna, sannan ya ja layi ya wuce. A nan ne yawanci ake yin asarar maki. Daidaitawa rabin aiki ce. Sauran rabin shi ne a koma a ƙirga, a tabbatar, in kuma an sami kuskure a iya nuna shi da yatsa: wane sinadari ne bai cika ba, nawa ne a hagu, nawa ne a dama, kuma me ya jawo giɓin.

Dalilin wannan ƙirge mai sauƙi ne. Idan abubuwa suka haɗu suka rikiɗa, ƙwayoyin zarrar da ke cikinsu ba sa ɓacewa, ba a kuma ƙirƙiro sababbi. Abokan zama kawai suke sauyawa. Masanin nan na ƙasar Faransa, Antoine Lavoisier, shi ya kafa wannan ƙa'ida sosai a littafinsa na shekarar 1789, bayan ya yi ta auna nauyin abubuwa kafin su haɗu da bayan sun haɗu. Saboda haka duk layin da ya nuna zarra shida sun shiga amma goma sun fito, yana faɗin abin da ba ya yiwuwa.

Lambobi iri biyu

Kafin a ƙirga komai, dole a rarrabe lambobi biyu da ke cikin layin. Akwai ƙaramar lamba da ke maƙale a ƙasan harafi, kamar 2 ɗin da ke cikin H₂O. Wannan tana faɗin yadda aka gina abin: zarrar haidurojin biyu da ta oksijin ɗaya, shi ne ruwa. Harafin da ba shi da lamba a ƙasa, ɗaya ake ƙirga masa. Akwai kuma babbar lamba da ake sawa a gaba, kamar 4 ɗin da ke cikin 4H₂O. Wannan tana faɗin guda nawa aka ɗauka.

Abin ya yi kama da mai sayar da goro da ya ƙulla shi a leda. Ƙaramar lamba ita ce yawan goron da ke cikin kowane ƙulli, babbar lamba kuma ita ce yawan ƙullin da aka saya. Mai son sanin yawan goron sai ya ninka, ba tarawa zai yi ba. Don haka 4H₂O na ɗauke da haidurojin takwas da oksijin huɗu, domin babbar lambar tana hawa kan kowane harafi da ke bayanta, ba na farko kaɗai ba.

Wutar gas ɗin girki

Mu ɗauki abin da ke faruwa a madafa. Gas ɗin da ake ɗurawa a tukunya haɗi ne na sinadarai, kuma ɗaya daga cikin manyansu shi ne C₃H₈, mai kabon uku da haidurojin takwas. Idan ya ƙone sosai, yana haɗuwa da oksijin ɗin da ke cikin iska, O₂, ya ba da CO₂ da tururin ruwa. A ce wani ɗalibi ya rubuta amsarsa kamar haka:

C₃H₈ + 3O₂ → 3CO₂ + 4H₂O

A ido, layin yana da kyau. Ga uku a hagu, ga uku a dama. Amma ido ba ya yanke hukunci a nan. Hanyar da ta fi tsaro ita ce a jera sinadaran ɗaya bayan ɗaya a gefen takarda, a ba kowanne gurbi biyu, na hagu da na dama.

Kabon: a hagu akwai 3 daga C₃H₈. A dama akwai CO₂ guda uku, kowanne da kabon ɗaya, wato 3. Ya daidaita.

Haidurojin: a hagu akwai 8. A dama akwai ruwa huɗu, kowanne da biyu, wato 8. Shi ma ya daidaita.

Oksijin: a hagu uku sau biyu, wato 6. A dama kuwa yana zaune a wuri biyu. Cikin 3CO₂ akwai 6, cikin 4H₂O akwai 4, jimilla 10. Shida da goma ba ɗaya ba ne.

Yanzu mun san fiye da cewa amsar ba daidai ba ce. Mun san kabon da haidurojin ba su da laifi, oksijin ne ya gaza da zarra huɗu a hagu. Girman giɓin ma yana tona asirin kuskuren. Huɗun nan su ne daidai oksijin ɗin da ke cikin ruwa. Ɗalibin ya ƙirga na CO₂ ya tsaya, ya manta cewa ruwa ma yana da nasa kaso. Tun da kowane O₂ zarra biyu yake kawowa, ana buƙatar ƙarin guda biyu:

C₃H₈ + 5O₂ → 3CO₂ + 4H₂O

Bayan gyara, sai a sake ƙirgen daga farko, domin sau da yawa gyaran wani sinadari yana ɓata wani. Kabon 3 da 3, haidurojin 8 da 8, oksijin 10 da 10. Yanzu ne ake jan layi.

Wani ɗalibin kuma zai rubuta 7O₂ a wannan gurbi. Nasa oksijin ɗin ya zama 14 a hagu, 10 a dama, rarar huɗu ke nan. Shi bai manta da ruwa ba. Ya tara 3 da 4 ne ya sami 7, kamar dai kowane ruwa yana cin O₂ guda sukutum, alhali rabinsa kawai yake ci. Ɗalibai biyu, sinadari ɗaya, amma kowa da irin tuntuɓensa, kuma kowa da irin bayanin da zai amfane shi. Shi ya sa malamin da ya rubuta wa ɗalibi adadin hagu da na dama ya fi taimaka masa a kan wanda ya soke amsar da jan biro kawai.

Akwai hanya ta biyu ta tabbatarwa, wato nauyi. A ma'aunin masana, kabon 12 ne, haidurojin 1, oksijin 16. Da wannan, giram 44 na gas ɗin yana cin giram 160 na oksijin, jimilla 204. A dama ana samun giram 132 na CO₂ da giram 72 na ruwa, su ma 204. Amsar ɗalibin farko kuwa tana ba da 140 a hagu, 204 a dama. Bambancin 64 ne, wato 16 sau huɗu, waɗannan zarra huɗun dai da aka manta.

Tarkon baka biyu

Inda ƙirge ya fi kayar da mutane shi ne inda aka sa rukunin haruffa cikin baka biyu. A matatun ruwan famfo ana zuba wani sinadari ɗan'uwan alif, Al₂(SO₄)₃, sau da yawa tare da Ca(OH)₂, domin laka ta dunƙule ta kwanta. A ce an rubuta haɗin nasu haka:

Al₂(SO₄)₃ + 3Ca(OH)₂ → 2Al(OH)₃ + CaSO₄

Ƙa'idar ita ce lambar da ke wajen baka tana ninka duk abin da ke ciki. Saboda haka (SO₄)₃ na nufin salfa uku da oksijin goma sha biyu. Mai gaggawa yakan tara huɗu da uku ya ce bakwai, daga nan duk lissafinsa ya karkace.

Idan aka ƙirga a tsanake, aluminiyam 2 ne da 2, haidurojin 6 ne da 6. Amma kalsiyam 3 ne a hagu, 1 a dama. Salfa ma 3 ne a hagu, 1 a dama. Oksijin kuwa 18 ne a hagu, 10 a dama. Sinadarai uku sun ƙi daidaita, sai mutum ya ɗauka kurakurai uku ya yi. A gaskiya ɗaya ne. Abin da ya ɓace a dama shi ne kalsiyam biyu, salfa biyu, oksijin takwas, kuma wannan daidai yake da CaSO₄ guda biyu. Da zarar an sa 3 a gaban CaSO₄, dukkansu sun zauna lokaci guda, oksijin ya koma 18 da 18. Darasin shi ne, idan sinadarai da yawa suka gaza tare, a duba wane abu ne ya tattara su duka a jikinsa. Galibi lambar gabansa ce ke da matsala.

Gyaran da ke ɓata aiki

Wani lokaci ɗalibi yakan ga oksijin bai kai ba, sai ya taɓa ƙaramar lamba don ƙirge ya fito. Wannan bai halatta ba, domin ya sauya abin da ake magana a kansa. H₂O ruwan sha ne, H₂O₂ kuwa sinadari ne da ake wanke rauni da tsinkakkensa, ba a shan sa. Haka nan idan aka cire 2 daga CO₂ aka bar CO, an koma ga iskar nan marar launi da wari da ke kashe mutanen da suka kwana da janareta ko gawayi a rufaffen ɗaki. Babbar lamba kaɗai ake da izinin sauyawa.

Wannan ya kawo mu ga iyakar abin da ƙirge zai iya tabbatarwa. Dubi wannan layi:

2C₃H₈ + 7O₂ → 6CO + 8H₂O

Kabon 6 da 6, haidurojin 16 da 16, oksijin 14 da 14. Babu kuskuren ƙirge ko ɗaya. Amma labarin da yake bayarwa daban ne, na gas ɗin da bai sami isasshiyar iska ba, irin yanayin da harshen wuta kan koma rawaya maimakon shuɗi, gindin tukunya ya yi baƙi. Idan tambayar ta ce cikakkiyar ƙonewa, wannan amsa ta faɗi duk da daidaituwarta. Ƙirge yana tabbatar da cewa ba a yi asarar zarra ba, amma ba ya tabbatar da cewa abubuwan da aka rubuta a dama su ne suka dace da tambayar.

Don haka tsarin dubawa yana da jeri. Da farko a tabbatar an rubuta kowane sinadari yadda yake. Sannan a ƙirga su ɗaya bayan ɗaya, a bar oksijin zuwa ƙarshe tun da yakan ɓuya a wurare da yawa. A duba ko lambobin gaba za su ragu, domin 2, 10, 6, 8 daidai yake da 1, 5, 3, 4, kuma mafi ƙanƙantar ake so. In an sami giɓi, a rubuta shi da cikakkiyar jimla, kamar a ce: oksijin 6 ne a hagu, 10 a dama, saboda ba a ƙirga na cikin ruwa ba. Ɗalibin da ya saba rubuta irin wannan jimla zai iya kama kuskurensa da kansa a ɗakin jarrabawa, inda babu malamin da zai nuna masa.