'Yar Tsana Mai Kuka: Abin da Ya Kamata Mai Sayarwa Ya Rubuta

Da zarar Sallah ta gabato, hotunan kayan wasan yara sukan cika WhatsApp, kuma kusan kalmomi iri ɗaya ne a ƙarƙashinsu: "Sabon kaya ya iso, mai kyau da inganci, ya dace da kowane yaro." Uwar da za ta tura kuɗi ba ta taɓa kayan da hannunta ba. Tana bukatar amsar tambayoyi uku: yaro mai shekara nawa aka yi wa abin, da me aka yi shi, kuma ina haɗarinsa yake? Bari mu ɗauki kaya guda mu bi shi daki-daki, wato 'yar tsanar nan mai batir wadda ke kuka idan an danna cikinta.

A jikin kwalinta akwai "3+", kusa da shi kuma jan da'ira da aka ja wa layi, da fuskar jariri da "0-3" a ciki. Iyaye da yawa suna ɗaukar wannan a matsayin ma'aunin wayo. Sai ka ji uwa ta ce, "Ai 'yata ta fi shekarunta wayo, ba ni kawai." Alhali maganar maƙogwaro ake yi. Yaron da bai kai wata 36 ba komai ya samu sai ya kai baki, hanyar numfashinsa ƙarama ce, tarinsa kuma ba shi da ƙarfin da zai fitar da abin da ya maƙale.

Masu gwajin kayan wasa suna da wani ɗan bututu mai faɗin milimita 31.7, wanda aka yi daidai da maƙogwaron ƙaramin yaro. Duk abin da ya shige cikinsa gaba ɗaya, haɗari ne ga ɗan ƙasa da shekara uku. Mai shago zai iya gwadawa da kwalin da ke tsakiyar takardar bayi. Ya ɗan fi bututun faɗi, don haka abin da ya ƙi shiga cikinsa ya tsallake wannan gwajin. A 'yar tsanarmu, takalminta guda biyu da ɗan bulumbotin da ke rataye a hannunta duk suna shigewa. Wannan kaɗai ya isa ya hana a rubuta "kowane yaro".

Bayan abin da ke cirewa, sai abin da zai iya cizgewa. A ɗakin gwaji ana jan ido ko maɓalli da ƙarfin da ya kai kusan nauyin kilo 9. Mai sayarwa ya ware guda ɗaya daga cikin katan, ya ja idon da ƙarfi, ya ja gashin, ya buɗa ɗinkin baya da yatsu. Idan ido ya yi motsi, ko audugar ciki ta leƙo, aibi ne, kuma ɓoye aibin haja haramun ne a addini. Dokar kare masu sayen kaya ta Najeriya ta 2018 ma ta hana bayanin da zai yaudari mai saye.

A gidajenmu akwai ƙarin dalili. Abin da aka saya wa yarinya 'yar shekara biyar, kafin la'asar yana hannun ƙaninta mai rarrafe. Saboda haka rubuta "3+" kawai bai wadatar ba. A faɗi dalilin, domin uwa ta san abin da za ta ɗauke daga kan tabarma.

Wajen kayan da aka yi ta da su, a bi ta sashe-sashe. Kai da hannaye roba ce mai laushi, gangar jiki yadi ne, cikon ciki audugar roba ce, ido kuma roba ce mai tauri da aka yi wa fenti. Idan takardar da aka ɗinka a gefenta ta ambaci nau'in robar, kamar PVC, a kwafa yadda yake. Idan ba ta ambata ba, a tsaya a "roba mai laushi".

Inda aka fi yin karambani shi ne rubuta "ba guba". Dalmar da ke cikin fenti ba ta da wari, ido kuma ba ya ganinta, sai an kai ɗakin gwaji. A 2007 an janye miliyoyin kayan wasa daga kasuwannin duniya saboda fenti mai dalma, har da na manyan kamfanoni. Mu ma mun ga abin da dalma ke yi wa yara a Zamfara a 2010, inda ƙurar haƙar zinare ta hallaka ɗaruruwansu. Wanda ba shi da takardar gwaji a hannu kada ya yi wannan alkawari. Alamar CE da ke kan kwali ma shaidar kamfanin ce da kansa cewa ya bi ƙa'idar Turai, kuma buga ta ba wuya. Abin da ya dace a rubuta shi ne "akwai alamar CE a kwalin". Ɗan kasuwar da ke saro kaya zai iya tambayar dila takardar SONCAP, wadda hukumar SON ke nema ga kayan da ake shigowa da su.

Sai batir, wanda ya fi komai haɗari a jikin wannan 'yar tsana, kuma shi aka fi mantawa da shi a talla. A buɗe bayanta. Akwai ɗan akwati mai ƙananan batura uku masu kama da maɓalli, an rubuta LR44 a jikinsu. Idan irin wannan batir ya maƙale a maƙoshin yaro, yawu yana haɗa wutarsa, sai ya fara ƙona nama. Babban nau'in, CR2032, mai faɗin milimita 20, yana iya yin mummunar ɓarna cikin awa biyu. Ƙananan kuma yara kan cusa su a hanci ko kunne. Don haka a duba murfin: da noti aka ɗaure shi, ko farce ma zai buɗe shi? Idan farce zai buɗe, gyara kalmomi ba zai yi magani ba. Kayan ne bai dace a sayar ba.

Idan an tattara duk wannan, ga yadda bayanin zai fito:

"'Yar tsana mai kuka, tsawonta santimita 30. Daga shekara 3 zuwa sama. Kada a bai wa ɗan ƙasa da haka, domin takalminta da bulumbotinta suna cirewa kuma za su iya shaƙe yaro. Kai da hannaye roba mai laushi, jiki yadi mai cikon audugar roba. Tana aiki da batir LR44 guda uku, suna ciki, murfin yana da noti. Idan yaro ya haɗiye batir, a garzaya da shi asibiti nan take, kada a sa shi amai. Ana goge ta da jiƙaƙƙen tsumma, ba a tsoma ta a ruwa. A jefar da ledar da ta zo a ciki."

Tsawon ma da awo aka same shi, ba da ido ba, domin hoton waya yana mayar da 'yar tsanar da ba ta wuce tafin hannu ba kamar jaririya.

Kayan gwanjo kuwa sukan zo ba kwali, ba takarda. A nan mai sayarwa ya faɗa a fili cewa na hannu ne kuma babu alamar shekaru daga kamfani, sannan ya lissafa abin da ya gwada da kansa: abin da ke cirewa, yanayin ɗinki, da murfin batir. Idan fenti yana ɓarewa ko robar ta tsage, a fitar da shi daga cikin haja. Wanda ke da ƙananan sassa ko batir kuwa, a rubuta masa shekara uku zuwa sama, ko da mai saye ta nace cewa na goye take nema wa.