Ranar da waya ta dawo shago

A kasuwar waya ta Farm Centre da ke Kano, mai saye yana iya zagaya shago goma ya tarar da waya iri ɗaya, farashi kusan ɗaya. Abin da ke raba ɗan kasuwa da maƙwabcinsa yakan bayyana ne bayan kuɗi sun shiga aljihu, musamman ranar da mai saye ya dawo ransa a ɓace yana cewa waya ta ƙi caji.

Masana kasuwanci sun daɗe da auna wannan. A shekarar 1990, Frederick Reichheld da Earl Sasser sun wallafa bincike a mujallar Harvard Business Review, inda suka nuna cewa kamfanin da ya rage gudun kwastomominsa da kashi 5 cikin ɗari, ribarsa na iya ƙaruwa da kashi 25 zuwa 85, gwargwadon irin sana'ar. Dalilin a fili yake. Tsohon kwastoma ba ya bukatar talla, ba ya dogon ciniki, kuma shi ke jawo ƙaninsa da abokin aikinsa.

A ɗauki misalin mai shagon da ya ci ribar naira 6,000 a kan waya guda. In ya tsaya nan, ribar ke nan. Amma in ya rubuta sunan mai saye da lambarsa da ranar ciniki a littafi, ya kuma sa lambar IMEI a rasit, wadda ake gani idan an danna `*#06#`, to ya buɗe ƙofar ciniki na gaba. Bayan kwana uku sai ya kira: "Alhaji, ya waya? Batir yana riƙe caji kuwa?" Kiran minti ɗaya ne, amma yana kama matsala tun tana ƙarama, kafin Alhaji ya kai ƙorafinsa majalisa. Sai dai a kula, kiran da ya rikiɗe ya koma tallar sabbin kaya kowane mako gundura yake jawowa, har a daina ɗauka.

Kyautar riƙe kwastoma kuwa ba baƙuwa ba ce a wajen Bahaushe, domin gyara ce da mai awo ke ƙarawa a kan mudu. Kamfanin Tesco na Birtaniya ya mayar da ita tsari a 1995 da katin Clubcard, wanda ke tara wa mai saye maki, shi kuma kamfani yana sanin abin da kowa ke saye. Ƙaramin shago littafinsa ya ishe shi. Abin lura shi ne lissafi. Gilashin kare fuskar waya da ya tsaya wa mai shago a naira 500 ya fi ragin naira 2,000 amfani, saboda ragi yana koya wa mutum jiran ragi, gobe ma sai ya nema, alhali kyauta a hannu ake ganinta a kuma tuna da ita.

To, ga Alhaji ya dawo bayan kwana goma, waya ta ƙi caji. Kuskuren da aka fi yi shi ne a tarbe shi da "ai lafiya lau ka tafi da ita". Daga nan an koma musu, kuma ko mai shago ya yi nasara, ya rasa mutumin. Wanda ya san aikinsa zai ba shi kujera, ya bar shi ya gama magana, ya ba shi haƙuri, sannan ya duba rasit ya tabbatar IMEI ta yi daidai. Sai ya gwada wata caja a gabansa, ya leƙa ramin caji, don sau da yawa ƙura ce kawai ta toshe shi. In matsalar daga kamfani ce kuma garanti bai ƙare ba, shi da kansa zai kai ta wurin gyaran kamfanin, ya ara wa Alhaji ƙaramar waya, ya kuma yanka masa rana. In ya ce Alhamis, to ranar Alhamis ya kira, ko da gyaran bai kammala ba. Shirun nan ya fi lalacewar wayar ɓata rai.

Idan kuma an ga alamar ruwa ko faɗuwa, a nuna masa da idonsa cikin mutunci, a faɗa masa kuɗin gyara tun kafin a taɓa.

Rubutun nan da ake sa wa a ƙasan rasit, cewa kayan da aka saya ba a mayarwa, bai kamata mai shago ya jingina da shi ba. Dokar kare haƙƙin masu saye ta Najeriya ta 2018, wadda hukumar FCCPC ke aiwatarwa, ta ba mai saye damar mayar da kaya masu aibi. Haƙuri kuma yana da iyaka: wanda aka gyara wa matsala sau ɗaya yakan ƙara yarda da shago, amma in wayar ta dawo karo na biyu da ciwo iri ɗaya, abin da ya rage shi ne a canza masa wata ko a mayar masa da kuɗinsa.